Na sa wa tabilet ɗin ɗana iyakar lokaci, amma kullum sai ya cire

Assalamu alaikum Anti. Ina da yara biyu, namiji ɗan shekara 9 da ƙanwarsa 'yar shekara 4. Babansu ya saya musu tabilet mai Android, ya sa Gmail ɗinsa a ciki, ya sauke musu katun da gem. Yanzu abin ya fi ƙarfina. Na shiga "Digital Wellbeing" na sa wa YouTube awa ɗaya a rana, bayan kwana biyu na duba na ga an cire. Na sa lambar sirri a Play Store, amma gem ɗin da ba na so suna nan daram. Shekaranjiya na farka wajen ƙarfe 1 na dare na tarar da yaron a ƙarƙashin bargo yana kallo, da safe da ƙyar na tashe shi. Ita kuwa ƙaramar, da an karɓe sai kuka da birgima. Babansu cewa yake in ƙyale yara su waye. Ba na son in ƙwace gaba ɗaya domin yaron yana aikin makaranta da ita. Yaya zan kulle ta yadda ba zai iya buɗewa ba, kuma awa nawa ya dace in ba su?

Wata uwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa.

Tabilet ɗin nan ba ta san cewa a hannun yara take ba. A wurinta, mai ita magidanci ne, domin asusun magidanci ke cikinta, kuma duk wanda ya riƙe ta da matsayin magidancin take karɓarsa. Daga nan komai ya samo asali. Muddin Gmail ɗin maigidanki ne a kai, duk abin da kika kulle kin bar makullin a jikin ƙofa.

"Digital Wellbeing" ba don yara aka yi shi ba. An yi shi ne don babba mai son rage wa kansa danna waya, shi ya sa a yawancin na'urori ba shi da lambar sirri: wanda ya sa agogon da wanda ya cire shi, hanya ɗaya suke bi. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Agogon nan yana komawa sabo da ƙarfe 12 na dare. Ko da yaron bai taɓa shi ba, da dare ya raba an ba shi sabuwar awa guda cif. Ita kuma lambar Play Store, aikinta kawai ta ɓoye manhajojin da suka fi ƙarfin shekarun da kika zaɓa, don kada a sauke su nan gaba. Ba ta taɓa abin da ya riga ya shiga, ba ruwanta da lokaci, kuma duk wanda ya share bayanan Play Store daga cikin saiti ya share lambar tare da su. Saboda haka ba sakaci kika yi ba, kuma yaron bai yi wani abin mamaki ba. Kayan aikin ne ba na wannan aiki ba.

Abin da kike bukata shi ne Family Link, manhajar da Google ya fitar a 2017, kyauta ce. Bambancinta da waɗancan shi ne makullin yana cikin wayarki, ba cikin tabilet ba. Amma ba ta aiki a kan asusun babba. Sai kowane yaro ya sami asusunsa na kansa, mai ɗauke da shekarunsa na gaskiya.

A nan zan ja kunnenki. Iyaye da yawa in sun je buɗe wa yaro Gmail suka ga an tsaya tambayar izinin iyaye, sai su ƙara masa shekaru don a wuce wurin da sauri. Wanda ya yi haka ya maida ɗan shekara 9 ɗan shekara 25 da hannunsa, sannan ya dawo yana neman yadda zai kare shi. Ki rubuta ranar haihuwarsu yadda take. A mafi yawan ƙasashe, asusun wanda bai kai shekara 13 ba dole ne ya zauna ƙarƙashin kulawar iyaye, kuma wannan dolen ita ce abin da muke nema.

Ki fara da wayarki. Ki sauke Family Link, ki shiga da naki asusun Google, ki zaɓi ƙara yaro, ki buɗe wa babban yaron asusu, sannan ki buɗe wa ƙaramar. Za a nemi ki tabbatar cewa ke ce uwar, ki bi abin da aka ce. Kalmar sirrin asusun kowannensu ki rubuta ta a takarda ki adana, kada ki ba su. Ba sa bukatarta don amfanin yau da kullum.

Sai tabilet ɗin kanta. Ki duba ko tana karɓar mutum fiye da ɗaya. A yawancinsu abin yana "Settings", sai "System", sai "Multiple users". A na Samsung yana ƙarƙashin "Accounts and backup" da sunan "Users". Tunda kowane kamfani da yadda yake jera nasa, hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta "users" a wurin bincike na saman saiti. In kin same shi kin huta, domin ba sai an goge komai ba. Ki ɗauki abin kamar gida mai ɗaki uku. Ɓangaren babansu ya zauna yadda yake, amma a sa masa sabuwar lambar buɗe allo wadda yaran ba su taɓa gani ba. Ki ƙara sabon mai amfani ki shigar da asusun babban yaron, ki ƙara wani ki shigar da na ƙaramar. Kowane shigarwa zai nemi ki sa kalmar sirrinki ki amince, daga nan na'urar za ta bayyana a wayarki ƙarƙashin sunan yaron.

Abu biyu kada ki manta a wannan gaɓa. Ki duba ko yaron ya taɓa yi wa fuskarsa ko yatsansa rajista a ɓangaren babansa, in ya yi ki goge, in ba haka ba sabuwar lambar aikin baban giwa ce. Sannan ɓangaren ƙaramar ma ki sa masa lamba, ke kaɗai ki san ta. Dalili kuwa, ranar da lokacin yayan ya ƙare, abu na farko da zai faɗo masa a rai shi ne ya koma ɓangaren ƙanwarsa ya cinye nata.

In kuwa tabilet ɗin ba ta da wannan tsari, kamar yadda wasu masu ƙaramin ƙarfi ba su da shi, to sai an maida ita ta yaro ɗaya. Ki kwashe hotuna da duk abin da ake so, maigida ya cire asusunsa da kansa, a yi mata "Factory reset", sannan a tashe ta da asusun babban yaron tun daga shafin farko. A cire asusun kafin a goge, kuma a tabbatar maigida yana tune da kalmar sirrinsa, domin Android na iya ƙin buɗewa bayan gogewa har sai an shigar da asusun da ke kanta a da. Ƙaramar kuma sai ta riƙa kallonta a wayarki, zan faɗa miki yadda za a yi a ƙasa.

Ko wace hanya kika bi, akwai asarar da ya kamata yaron ya ji daga bakinki tun kafin ta faru: matakin da ya kai a yawancin gem ɗinsa yana haɗe da asusun babansa ko da ɓangaren da ya bari, ba zai biyo shi sabon asusu ba. A wurinki wannan ba komai ba ne. A wurinsa aikin watanni ne. Ki faɗa masa gaskiya, kada ki ce "ai tabilet ce ta lalace", domin zai gano, kuma daga ranar ya daina yarda da duk abin da kika ce game da na'urar.

Mu zo kan awa nawa. Ta ƙaramar tana da amsa a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon allonsa ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2016 ita ma awa ɗaya ta ce ga 'yan shekara 2 zuwa 5, na abu mai kyau, kuma babba na kusa. Amma ga ɗan shekara 6 zuwa sama ƙungiyar ba ta yanke adadi ba. Cewa ta yi a sa iyaka mai ɗorewa, kuma kada allo ya ci lokacin barci da motsa jiki. Don haka ga babban ba daga tabilet za ki fara lissafi ba, daga barci za ki fara.

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowane kwana. Mu ce yana tashi ƙarfe 6 na safe, mu ba shi awa 10. Ke nan ƙarfe 8 na dare ya kamata barci ya ɗauke shi. Likitocin yara suna ba da shawarar a ajiye allo kamar awa ɗaya kafin kwanciya, to ƙarfe 7 ke nan. A Family Link akwai "Downtime", wanda a tsofaffin zubi ake kira "Bedtime". Ki sa shi daga 7:00 na yamma zuwa 7:00 na safe a daren da gobe akwai makaranta. Na kai shi bakwai na safe da gangan, don kada ya riƙa farkawa tun kafin gari ya waye saboda kallo, kuma kada shirin makaranta ya zama ja-in-ja. A daren da gobe hutu ne kina iya kai farkonsa ƙarfe 8. In awoyin gidanku sun bambanta da waɗannan, ki ja lissafin gaba ko baya, hanyar dai ita ce. A ganina wannan saiti ɗaya ya fi duk sauran muhimmanci a matsalarki, ko shi kaɗai kika yi kin rage rabin wahala.

Bayan shi sai "Daily limit", wato jimillar lokacin yini. Kowace rana ta mako ana sa mata nata. Ni da ni ce, zan sa awa 1 a ranakun makaranta, awa 2 a ranakun hutu. Wannan ra'ayina ne, ba dokar likita ba. Amma kafin ki sa, ki buɗe "Digital Wellbeing" ɗin nan a ɓangaren babansu, ga inda yake da amfani: zai nuna miki awa nawa ake yi a kan na'urar kowace rana da kuma manhajar da ke cin lokacin. In kika ga awa 5 yake yi, kada ki faɗo da shi awa 1 a dare ɗaya. Ki sa 2 da rabi a makon farko, 1 da rabi a na biyu, sannan 1. Ki sanar da shi jadawalin tun farko, ya san inda aka dosa. Kullen dare ne kawai ba a yi masa sannu-sannu, daga yau ya fara.

Akwai kuma "App limits", inda ake yanka wa kowace manhaja nata rabon. Wannan ba ƙari ba ne a kan jimillar yini, cikinta yake. In jimilla awa 1 ce kika ba YouTube Kids minti 30, to bayan minti 30 bidiyo ya rufe, saura minti 30 ya yi gem ko zane ko wani abu. Amfaninsa ke nan: kada abu ɗaya ya lamushe komai.

Aikin makaranta fa? Ana iya ba manhaja "Unlimited time", a wasu zubin "Always allow", sai ta zama lokacinta ba ya shiga lissafi, kuma tana buɗewa ko jimillar yini ta ƙare. Ki ba manhajar makarantar, da ta karatun littafi, da ƙamus in akwai. Amma kada ki kuskura ki ba Chrome wannan dama don "yana bincike da shi". A nan iyaye da dama ke zamewa. Burauza ƙofa ce zuwa komai: bidiyo, gem da ake yi a shafi ba sai an sauke ba, duk suna can. In aikin gida ya bukaci bincike, ki ƙara masa lokaci daga wayarki na wannan ranar, ya yi a inda kike ganinsa.

Tunda mun taɓo Chrome, a saitin yaron akwai zaɓi uku: a bar kowane shafi, ko "Try to block explicit sites", ko "Only allow approved sites". Ki lura da kalmar farko ta zaɓi na biyu, Google da kansa cewa ya yi zai yi ƙoƙari, bai ce ya ɗau alkawari ba. Ga ƙaramar, na uku, ko ma ki toshe Chrome ɗin gaba ɗaya, 'yar shekara 4 ba ta da abin yi da shi. Ga babban ma ni na ukun zan zaɓa a yanzu. In ya je shafin da ba ya cikin jerin, zai danna neman izini, saƙo ya zo wayarki, ki duba ki amince ko ki ƙi. Makon farko zai dame ki da saƙonni, daga baya jerin ya cika abin ya lafa. Sannan wannan tacewa Chrome kaɗai ta shafa. In akwai wata burauza da ta zo da na'urar, kamar Samsung Internet, ki neme ta a jerin manhajoji ki danna "Block".

A ɓangaren Google Play ki sa neman izini a kan "All content", har abin da yake kyauta, ki kuma zaɓi matakin shekarun da ya dace. Ga wata ɓaraka da ya kamata ki sani: manhajar da kika taɓa amince masa da ita, ko an goge ta yana iya sake sauke ta ba tare da ya tambaye ki ba. Don haka in gem ya fita daga ranki, kada ki goge shi kawai, ki toshe shi daga Family Link. Daga nan ki shiga saitin na'urar a cikin manhajar ki tabbatar an hana abu uku: ƙara sabon mai amfani, saka manhaja daga wajen Play Store, da "Developer options", wato saitin masu ƙera manhaja. Na farkon shi ke hana shi buɗe ɓangaren baƙo wanda babu kulle a kansa. Na biyun shi ke hana aboki ya turo masa gem daga tasa na'urar ya saka.

YouTube Kids yana da matakai: "Preschool" na 'yan 4 zuwa ƙasa, "Younger" na 5 zuwa 8, "Older" na 9 zuwa 12, sai kuma "Approve content yourself". Ga ƙaramar wannan na ƙarshen nake so. Ke za ki zauna ki zaɓo tashoshi biyar ko shida da kika yarda da su, ba za ta ga komai ba sai su, kuma babu bincike. Sauran matakan na'ura ce ke yawancin tacewar, kuma lokaci-lokaci abin da bai dace ba yana sulalewa. Wani abin dariya kuma, ƙofar saitin iyaye a YouTube Kids tambayar lissafin sau ce take tsare ta. Hakan ya isa ya tsayar da 'yar shekara 4, amma ɗan shekara 9 abin da ake koya masa a aji ke nan. Ki sa lambarki ta kanki a wurin.

In ƙaramar a wayarki za ta riƙa kallo, ki kunna "App pinning", yawanci yana cikin saitin tsaro, tare da zaɓin a nemi lamba kafin a cire. Kina buɗe mata YouTube Kids ki maƙale shi, ba za ta iya fita zuwa saƙonninki ko hotunanki ba. Game da birgimar kuwa, yarinya mai shekara 4 ba ta san minti 30 ba. Abin da ta sani shi ne ana tsakiyar katun aka kashe mata. Ki riƙa yi mata lissafi da abin da take ganewa: "guda biyu za ki kalla, in na biyun ya ƙare mun rufe." Ki kashe bin-bidiyo-da-kansa don kada na uku ya fara kafin ki iso, kuma ya zama akwai abin da za a tashi a yi nan take. Za ta yi kukan duk da haka na 'yan kwanaki. Abin da ke tsawaita shi shi ne ranar da kukan ya yi aiki.

Wannan ya kawo ni kan "Bonus time", maɓallin ƙara lokaci na rana ɗaya ba tare da an taɓa jadawali ba. Yana da kyau ga aikin gida, ko doguwar tafiya, ko yaro na kwance ba lafiya. Amma in aka saba danna shi bayan magiya, to an koya wa yaro cewa kullen farkon ciniki ne kawai. Dokar da nake bai wa iyaye ita ce: ƙarin lokaci ana roƙonsa kafin allo ya rufe, da dalili, ba bayan ya rufe ba. Na'urar tana gargaɗinsa in lokaci ya kusa, don haka ba shi da hujjar cewa ba zato ya ji.

Maigida kuma, kada ki yi wannan aiki a bayan idonsa, in ba haka ba tufka da warwara za a yi ta yi, kina kullewa yana miƙa musu ɓangarensa. Ki ƙara shi a rukunin iyali na Google a matsayin uba, ya sa Family Link a tasa wayar, ya riƙa ganin abin da kike gani. Ba sai kin yi gardama da shi kan wayewa ba, yana da gaskiyarsa, yaro na bukatar iya na'ura. Ki nuna masa cewa ba a hana komai na koyo ba, barci aka tsare. Akwai ma hujjar da ta shafe shi kai tsaye: yanzu haka wasiƙunsa da hotunansa, da katin bankinsa in ya taɓa haɗa shi da Play Store, duk suna hannun ɗan shekara 9. Maza da yawa a nan suke gyara zama.

In kin gama, kada ki ɗauka ya yi sai kin gwada. Ki danna "Lock" daga wayarki ki ga ko tabilet ta rufe. Ki karɓe ta ki zama ɗanki na minti goma: ki nemi shiga ɓangaren baba, ki nemi ɓangaren baƙo, ki rubuta youtube.com a Chrome, ki nemi sauke gem, ki gwada canza agogon na'urar. Duk inda kika wuce ba a tsayar da ke ba, shi ma zai wuce, sai ki koma saitin wurin ki gyara. Ki kuma san cewa duk canjin da kika yi a wayarki ba ya isa tabilet sai tana kan intanet. Iyakar da ta riga ta shiga tana ci gaba da aiki ko babu data, amma sabon umarni jira yake. Yaron da kansa ya waye yana iya kashe intanet don kada "Lock" ɗinki ya iso. In kuma ke ce kike son buɗe ta alhali babu intanet, akwai "Parent access code" a wayarki, lamba ce mai canzawa da za ki shigar a allon da ya kulle. Ki shigar da ita da kanki, kada ki karanta masa daga ɗaki.

Akwai abin da Family Link ba ya yi, gara ki sani tun yanzu. Yana gaya miki manhajar da aka buɗe da tsawon lokacin da aka yi a ciki, amma ba ya nuna miki allon yaron, ba ya karanta miki saƙonninsa. In gem yana da wurin hira da baƙi, to a cikin saitin gem ɗin ake rufe hirar, ko a toshe gem ɗin ɗungurungum. Tallace-tallacen da ke faɗowa cikin gem na kyauta ma ba ya tace su. Hanyar sanin waɗannan ita ce ki zauna kusa da shi ya yi gem ɗin a gabanki, ki ce ya koya miki. Yara na son a tambaye su abin da suka iya, kuma cikin minti goma sha biyar za ki ga abin da rahoto ba zai taɓa nuna miki ba. Sannan cajar tabilet ta koma ɗakinki, can za ta riƙa kwana. Ki canza lambar wayarki ke ma, domin in aka rufe waccan, taki ce ta gaba.

Ga masu karatu da na 'ya'yansu iPad ce: abin yana "Settings", sai "Screen Time". Ku sa lambar Screen Time daban da ta buɗe allo, kuma in kun sa "App Limits" ku tabbatar "Block at End of Limit" a kunne yake, in ba haka ba yaro zai danna ya wuce iyakar da kansa.

Bayan mako ɗaya ki buɗe rahoton amfani a wayarki ki karanta shi da idon mai bincike. In wata manhaja da kika ba "Unlimited time" ta tashi daga minti 10 zuwa awa 2, ki buɗe ta ki duba, wataƙila akwai bidiyo ko hanyar shiga intanet a cikinta. In rahoto ya ce awa 1 aka yi amma batir ya sauka daga cike zuwa kusan ƙarewa, ko kin taɓa na'urar kin ji ta da ɗumi a lokacin da ya kamata tana kulle, to ana shiga ta wani ɓangaren, ki canza lambar baba da ta ƙanwa. In kuwa rahoton ya tsaya cak kwana biyu bai motsa ba, tabilet ɗin ba ta hau intanet ba ne, ki haɗa ta ki jira ya sabunta kafin ki kira yaron ki tambaye shi.